Yadda ake rufe shago da buɗe shi: lissafin kuɗi, kaya, tsaro da na'urori

Shagona na kayan masarufi ne a Birnin Kebbi, irin wanda aka saba gani a bakin titin unguwa: shinkafa, sukari, taliya, madara, sabulu, firiza guda mai lemo da ruwan leda, sai na'urar POS a kan kanta. Shekarun da na fara, rufe shago a wurina shi ne in kwashe kuɗin durowa in tura aljihu, in datse kwaɗo in tafi gida. Ciniki na tafiya, jama'a na shigowa, amma duk ranar da zan je sari sai in ga kuɗin hannuna ba su kai su mayar da kayan da suka fita ba. Ban san inda suke bi ba, kuma ban da hujjar zargin kowa. Abin da ya gyara mini wannan matsala tsari ne na rabin sa'a da dare da kwata da safe, wanda nake bi kullum ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Zan fara da na dare, domin abin da ka rubuta da dare shi za ka duba da safe. In ba ka rubuta komai ba, da safe ba abin da za ka gwada shagon da shi.

Kafin ka taɓa kuɗi

Ka tsayar da lokacin rufewa, ka riƙe shi. Ni bayan sallar isha'i da kamar sa'a guda nake tsayawa. Idan lokaci ya yi, a shigo da duk abin da ke waje: buhunan da aka jera a baranda, benci, kulolin lemo, allon sanarwa. Sannan a ja ƙofa a sa sakata ta ciki. Kada ka ƙirga kuɗi ƙofa a buɗe, ko da unguwar taka ce kuma kowa ya san ka. Mai wucewa ba sai ya shigo ba, daga titi yake ganin yawan abin da ke hannunka da aljihun da ka sa shi. Wanda ya ƙwanƙwasa bayan an ja ƙofa, in ka san muryarsa ka miƙa masa ta taga, ka rubuta cinikin a shafin gobe. In ka cusa shi cikin na yau bayan ka fara lissafi, za ka rikita kanka.

Kuɗin shago a wuri uku suke kwana

Da can kuɗin shago a durowa kawai suke. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane suka saba da tiransifa da kati, har wanda zai sayi sabulu ɗaya sai ya ce a ba shi lambar asusu. Yanzu cinikin rana ya kasu uku: wanda ke durowa, wanda ya shiga asusu ta POS ko tiransifa, da wanda aka karɓa bashi. Duk wanda ya ƙirga durowa kaɗai, kashi ɗaya cikin uku ya duba.

Saboda haka littafin ciniki na buƙatar layi uku a kowane shafi: hannu, asusu, bashi. A ƙasan shafin kuma a bar wurin rubuta duk abin da ya fita daga durowa, komai ƙanƙantarsa, da wurin rubuta tsohon bashin da aka biya. Abu na ƙarshe da ake buƙata shi ne kuɗin canji tsayayye, wato adadin da ake buɗe shago da shi kowace safiya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Nawa naira 15,000 ne: 'yan ɗari biyar guda 10, 'yan ɗari biyu guda 25, 'yan ɗari guda 30, 'yan hamsin guda 40. Ba lallai naka ya zama haka ba, amma ya zama adadi ɗaya kullum. In yau ka buɗe da dubu takwas, gobe da dubu ashirin, jibi ba ka ma ƙirga ba, to ba ranar da za ka san cinikinka na gaskiya.

Ga yadda lissafin wani dare ya kasance a shagona, domin a ga yadda ake bi.

Na zazzage durowa, na ware kowace takarda da 'yan'uwanta, na ƙirga sau biyu, na sami 112,300. Yaron shagona ya sake ƙirgawa ya sami daidai da haka. Sai na duba abin da ya fita a ranar: mai biredi 18,000, mai kawo ruwan leda 9,000, fetur na janareta 5,000, abincinmu 2,500, sai 10,000 da ni kaina na ɗauka na aika gida cefane. Jimla 44,500. Waɗannan kuɗi sun shiga durowa kafin su fita, don haka sai a mayar da su cikin lissafi: 112,300 da 44,500 sun zama 156,800. Daga nan na cire canjin safe 15,000, saura 141,800. Na kuma cire 6,000 da wani maƙwabci ya kawo na tsohon bashi, domin ba cinikin yau ba ne, kayan sun fita tun makon jiya. Saura 135,800. Wannan shi ne abin da durowa ta ce an sayar hannu da hannu.

Sai na koma littafi in ji abin da shi kuma ya ce. Jimlar cinikin rana 214,000. A ciki, 61,500 ta asusu aka biya, 12,700 bashi ne. In an cire su, ya kamata a sami 139,800 na hannu. Durowa ta ce 135,800. Giɓin 4,000 ke nan.

A nan ne masu shago da yawa ke yin kuskuren da ke raba su da yaran kirki. Mutum na ganin giɓi sai ya ɗaga kai ya kalli yaro. Kada ka yi magana tukuna, akwai wuri na biyu da ba ka duba ba. Na buɗe manhajar asusun shago a waya, na bi kuɗin da suka shigo ɗaya bayan ɗaya ina sa alama a littafi. Asusu ya nuna 65,500 sun shigo, alhali littafi ya ce 61,500. Rarar 4,000, daidai da giɓin durowa. Na ce wa yaron, "Kai, wa ya turo dubu goma wajen la'asar?" Ya ce, "Maigida, malamin nan ne mai mashin, kayan dubu shida ya saya, ya ce in ba shi dubu huɗu a hannu zai sha mai." Kuɗin ba su ɓace ba, daga durowa suka koma asusu, yaron ya rubuta cinikin dubu shida ya manta da rubuta dubu huɗun da ya bayar. Tun daga ranar na ƙara layi a ƙasan shafi na kuɗin hannu da aka ba wanda ya yi tiransifa.

In giɓi da rara ba su yi daidai haka ba, akwai wuraren da na saba samun ɓatan. Na farko, abin da maigida ya ɗauka da kansa bai rubuta ba, kuma wannan ya fi kowanne yawa, domin mutum yana ganin ai kuɗinsa ne. Na biyu, bashin da aka bayar lokacin cunkoso aka ce za a rubuta anjima. Na uku, kuskuren canji, musamman da magariba in haske ya yi ƙasa. Na huɗu, tiransifar da aka rubuta an biya amma ba ta shigo ba. Giɓin ɗari biyu ko ɗari uku a rana mai cunkoso ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne, ka rubuta shi a gefe da jan biro ka wuce. Abin da za ka sa wa ido shi ne giɓi mai maimaita kansa, kamar dubu ɗaya ko biyu kullum, ko wanda ke fitowa sai ranar da ba ka zauna shago ba. Rara ma matsala ce. In durowa ta fi littafi, ana sayar da kaya ba a rubutawa, kuma inda ba a rubutu ba ka da hanyar gane ranar da aka ɗiba.

Game da tiransifa, ƙa'idar shagona ɗaya ce: hoton rasit a wayar mai saye ba biya ba ne, saƙon tes ma ba biya ba ne, domin ana ƙirƙirar duka biyun. Biya shi ne ka ga kuɗin a cikin manhajarka ko a tarihin na'urarka, kuma jimlar asusu ta ƙaru. Ga mai kati, rasit ya nuna `Approved`. In ya nuna `Declined` amma mutumin ya ce an cire masa kuɗi, to ba su zo wurinka ba, tsakaninsa da bankinsa ne su mayar masa. Ka ba shi rasit ɗin, ka yi masa bayani cikin mutunci, ka riƙe kayanka sai ya biya ta wata hanya. Da dare ka tara irin waɗannan rasit ɗin wuri ɗaya da kwanan wata, domin mutum kan dawo bayan kwana uku da magana.

Bayan lissafi ya tsaya, ka ware canjin gobe ka ɗaure shi da roba daban. Yagaggun takardu da waɗanda kake shakkar jabu ne ka fitar da su yanzu, kada su koma hannun mai saye gobe. Sauran kuɗin kada su kwana a shago. In da hali, ka rage su tun da rana ta hanyar zubawa a asusu, don abin da za ka ɗauka da dare ya zama kaɗan. Durowar kuma ka bar ta a buɗe ba komai ciki. Ɓarawon da ya tarar da ita a kulle zai fasa ta, ka yi asarar kanta a banza.

Kaya: kada ka ce za ka ƙirga komai

Ba mai iya ƙirga kayan tireda gaba ɗaya kowane dare, wanda ya gwada zai gaji cikin mako ya watsar. Ka zaɓi kaya goma zuwa goma sha biyar masu tsada, masu saurin fita, masu sauƙin sakawa a aljihu ko a leda: madarar gwangwani, man gyaɗa na gora, katan ɗin taliya, sabulun wanka, lemon kwalba, buhunan shinkafa da sukari da ba a buɗe ba. Waɗannan kullum. Ƙirgar shago duka kuma sau ɗaya a wata ta isa.

Lissafin mai sauƙi ne. Abin da ya kwana, a haɗa da abin da ya shigo yau, a cire abin da ya rage, shi ne abin da ya fita. Misali madara: 30 suka kwana, an buɗe katan mai 48, da dare an sami 41. Ke nan 37 sun fita. In littafi ya nuna 34 aka sayar, akwai 3 da za a nema. Wataƙila an haɗa shayi da ɗaya, wataƙila an kai gida, wataƙila ɗaya ta lotse an ajiye ta gefe. Duk wannan ba laifi ba ne in an rubuta. Wanda cinikinsa ya yi yawa har ba ya iya rubuta kowane magi da ashana, wannan ƙirga ita ce madogararsa: ya rubuta na asusu, na bashi da abin da ya fita daga durowa ba fashi, sannan ya bar ƙirgar manyan kaya ta gaya masa ko kuɗin hannu sun yi kama da abin da ya fita.

Kayan awo sun fi wuya, domin buhu ba ya faɗin abin da ya rage. Abin da nake yi, ranar da aka buɗe buhu sai in rubuta kwanan wata a jikinsa, in riƙa jan layi a takarda duk kwanon da aka auna. Bayan buhu biyu ko uku za ka san kwano nawa buhunka ke bayarwa da irin awonka. Ranar da buhu ya ƙare da ƙarancin kwano biyu, ka san ko hannun mai awo ya yi nauyi, ko buhun tun daga wurin sari bai cika ba.

Kafin ka bar ɓangaren kaya, ka ɗaure bakin buhunan da aka buɗe, ka share abin da ya zube, domin tsabar shinkafa a ƙasa ita ke kiran ɓera. Buhu da katan kada su zauna a kan siminti kai tsaye ko su jingina da bango, ka ɗora su a kan katako, musamman da damina, saboda laima da gara. Sannan ka rubuta abin da ya kusa ƙarewa a takardar sari. Mai zuwa babbar kasuwa ko Jega ba tare da takarda ba, abin da idonsa ya gani yake sayowa, ya dawo ya tarar abin da ake nema bai zo da shi ba.

Wuta da na'urori

Wannan ɓangaren na koye shi da asara. Wani dare cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke wuce digiri 40 kuma lemo mai sanyi ke fita kamar me, na tashi ba wuta, na bar firiza a jone kai tsaye da bango ina fatan a kawo cikin dare. An kawo, amma ba ta zo daidai ba, tana yi tana ɗaukewa. Da safe na tarar da warin ƙuna da firiza shiru, kwamfiresa ta tafi. Na gode wa Allah da abin ya tsaya a nan, domin katan-katan ne jere a gefenta.

Yanzu ga yadda nake yi. Fanka, rediyo, cajar waya da ta POS, duk a kashe a kuma zare su daga soket. Firiza kaɗai ke kwana a jone, ita ma ta bayan sitabilaiza mai jinkiri, wadda ba ta sakin wuta sai bayan 'yan mintuna da dawowarta. Dalili shi ne in wuta ta ɗauke ta dawo nan take, kwamfiresa na ƙoƙarin tashi alhali matsin iskar cikinta bai daidaita ba, sai ta yi zafi. Wanda ba shi da irin wannan kariya, gara ya kashe firizar ya bar ta a rufe, sanyin da ta tara zai kai ta safe in ba a buɗe ta ba. A bar tazara tsakaninta da bango, kada a jera katan ko leda a bayanta. Ka sa bayan hannunka a kan soket da filogi: in da ɗumi sosai, ko robar ta fara baƙi, kada ka bar shi ya kwana da wuta, gobe ka kira mai gyara.

Janareta a kashe shi a waje, a rufe famfon mai, a mayar da makunnin sauya layi inda ya dace, a bar shi ya huce kafin a shigo da shi. Ba a barin sa yana aiki a rufaffen shago, kuma jarkar fetur ba ta kwana tare da kaya. Mai sola ya duba abin da batir ya nuna kafin ya tafi, ya kashe duk abin da ba dole ba, kada ya wayi gari batir ya sauka ƙasa. Na'urar POS kuwa gida take kwana tare da ni, a can nake cajinta.

Kullewa

Ka zagaya da tocila: taga, ƙofar baya in akwai, da silin, domin ba ta ƙofa kaɗai ake shiga shago ba, ana ɓanɓare kwanon rufi a sauko. Ka kunna fitilar waje, ka datse kowane kwaɗo sannan ka ja shi da hannu ka tabbatar ya kama. Ya fi kyau mutum biyu su rufe, ɗaya na kullewa ɗaya na kallon titi. Ka yi sallama da mai gadi ko 'yan sintirin layin don su san ka tashi, in suka ga haske ko motsi a ciki bayan haka sun san ba kai ba ne. Makulli ya zama an san hannun da yake, kuma ranar da yaro ya bar aiki ko makulli ya ɓata, a canja kwaɗo a ranar, ko da an rabu lafiya. Kada ka riƙa bin hanya ɗaya zuwa gida da jaka iri ɗaya kullum.

Da safe

In ka iso, tsaya daga nesa kaɗan ka duba kafin ka sa makulli. Kwaɗunan suna yadda ka bar su? Akwai alamar an sa ƙarfe a gefen ƙofa, ko kwanon rufi ya ɗaga? In ka ga an taɓa, kada ka shiga kuma kada ka taɓa komai. Ka kira maƙwabta da mai gadi su shaida, ka ɗauki hoto, ka sanar da 'yan sanda. A irin wannan rana takardar ƙirgar jiya ce za ta faɗi ainihin abin da aka ɗauka.

In lafiya lau ne, ka yi bismillah ka buɗe, ka tsaya a bakin ƙofa ka shaƙi iskar shagon kafin ka kunna komai. Warin ƙuna, na fetur ko na abin da ya lalace, hanci ne ke fara gane su. Ka ɗaga kai ka dubi silin, da damina ka nemi inda ya yi yoyo. Ka buɗe firiza ka taɓa kwalba ɗaya: in ba sanyi alhali an kwana da wuta, ko ka ga ruwa a ƙasa, akwai magana. Ka duba man injin janareta kafin ka tayar da shi, fetur kuma a zuba tun yana sanye.

Sai ka ƙirga canji a gaban yaron shago, ka rubuta adadin a saman sabon shafi da kwanan wata, har da cinikin taga na daren jiya in an yi. Ka zaɓi kaya uku ko huɗu daga takardar jiya ka sake ƙirgawa, su yi daidai da abin da aka rubuta. Ka kunna POS ka ga tana da caji, da sabis, da takardar rasit, da wata ta ajiya. A share, a kaɗe ƙura, wadda lokacin hunturu sai an yi sau biyu a rana. Wajen cika kanta, tsofaffin kaya a gaba, sababbi a baya, ana duba ranar lalacewa, musamman madara, lemo da biskit. Gwangwanin da ya kumbura a fitar da shi gaba ɗaya.

Masu kawo biredi da ruwan leda da sassafe suke zuwa, daidai lokacin da hankalinka ya rabu. Kada ka karɓi adadi daga bakinsu. A sauke, ka ƙirga da hannunka, ka rubuta a shafin kayan da suka shigo, ka biya, ka rubuta abin da ka biya a ƙasan shafi tun mai kayan bai tayar da mashin ba. Haka nan in za ka fita sallar azahar ko la'asar ba wanda zai zauna, ka kulle durowa, ka sa POS a aljihu, ka ja ƙofa ka datse kwaɗo ɗaya, ko da masallacin na kallon shagon.